Fasbuk Ya Ce 367,000, Leja Ta Ce 328,000: Ina Sauran Kuɗin?

A yawancin ƙungiyoyin gama kai, shekara kan zagayo ba wanda ya zauna ya duba lissafin kowa. Mamba ya kawo kuɗi, ma'aji ya ƙirga, ya rubuta, ya sa hannu, a yi sallama. Sai ranar da mamba ya zo neman rance, ko biki ya taso yana son ya janye wani abu, sannan a jawo babban littafi daga durowa a karanto masa adadin da bai yi daidai da na hannunsa ba. Nan take murya ta fara tashi. Mamba na ɗaga ɗan littafinsa yana rantsuwa, ma'aji na dukan nasa da tafin hannu yana cewa abin da ke ciki shi ne gaskiya. Sau da yawa haka ake tashi baram-baram, kowa na zargin ɗan'uwansa, alhali aikin da zai raba gardamar bai wuce na yini guda ba, kuma kayan aikinsa su ne fensir, rula da kalkuleta.

Littattafan nan biyu labari ɗaya suke bayarwa, ko kuma haka ya kamata. Ɗan littafin da ke hannun mamba, wanda ake kira fasbuk, yana ɗauke da kwanan wata, abin da aka zuba, abin da aka cire, ragowar kuɗi, da sa hannun wanda ya karɓa. Babban littafin ƙungiya kuwa, wato leja, kowane mamba yana da shafinsa a ciki, da sunansa da lambarsa a sama, kuma layukan iri ɗaya ne. Amma ba lokaci ɗaya ake rubuta su ba, kuma a nan matsalar take soma saiwa. Fasbuk ana cike shi ne a gaban mai kuɗi, a lokacin da kuɗin ke kan tebur. Leja ana cike ta daga baya, wani lokaci da daddare, wani lokaci bayan mako biyu, ta hanyar kwafowa daga wasu takardun. Kuɗin da mamba ya miƙa sai ya bi ta rasit, ya shiga littafin kuɗin shiga da fita na ma'aji, sannan ya isa shafinsa a leja, tsabar kuɗin kuma ta nufi banki. Zango huɗu ke nan, kuma a kowane zango lamba na iya faɗuwa, ko ta juye, ko a juya ta.

Tsarin nan ya daɗe a ƙasar nan. Dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Najeriya ta fito ne a 1935, bayan rahoton da wani Bature mai suna C. F. Strickland ya rubuta, Jihar Arewa ta samu tata dokar a 1956, sannan ta tarayya da ake aiki da ita ta zo a 1993. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ajiyar da ke ƙungiyar gama kai ba ta cikin inshorar hukumar NDIC da ke kare masu ajiya a bankuna. Idan kuɗi ya salwanta a ƙungiya, ba wata hukuma da za ta biya mamba diyya. Abin da zai kama shi ne abin da takarda ta nuna.

A ɗauki misalin wata tela da ke cikin ƙungiyar 'yan kasuwa, tana zuba naira 15,000 kowane wata. A farkon 2024 ta je neman rancen sayen sabon keken ɗinki. Ƙungiyarsu, kamar wasu da yawa, tana ba mamba rancen da bai wuce ninki biyu na ajiyarsa ba. Fasbuk ɗinta ya nuna tana da naira 367,000 a ƙarshen Disamban 2023. Sakatare ya buɗe leja ya ce 328,000 ne. Giɓin naira 39,000 ke nan, wanda a wajen rance ya zama 78,000, kuma zai rage mata kasonta idan aka zo rabon riba a babban taron shekara, tunda gwargwadon ajiya ake rabawa.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne a shiga neman naira 39,000 a cikin littafi, kamar wanda ke neman akuyarsa a garke. Ba za a same ta ba, domin babu wani layi guda mai wannan adadi. Jimillar ƙarshe tana nuna cewa akwai matsala kawai. Ba ta faɗin guda nawa ce, balle inda take.

Matakin farko shi ne a koma baya har a sami ranar da littattafan biyu suka yi baki ɗaya. A wajen telar nan, ragowar ƙarshen Disamban 2022 naira 180,000 ce a fasbuk, haka kuma a leja. To, an sami turken da za a ɗaure lissafi. Duk abin da ya lalace, tsakanin Janairu da Disamban 2023 ya lalace, ba sai an tono shekarun baya ba. Idan kuwa aka koma shekara guda ba a ga daidaito ba, sai a ƙara komawa, ko da za a kai ranar da mamba ya shiga ƙungiya. A nan ana lura da wani wuri da ido ke yawan tsallakewa: adadin da aka ɗauko daga ƙasan tsohon shafi zuwa saman sabo, ko daga tsohuwar leja zuwa sabuwa. Wurin nan ba shi da rasit, ba shi da shaida, kwafi ne zalla, saboda haka nan ne kuskure ke kwana, nan ne kuma mai mugun nufi ya fi samun sauƙi.

Daga nan sai mutum biyu su zauna, ɗaya da fasbuk, ɗaya da leja. Gara a yi aikin a kan fotokwafi ko hoton da aka ɗauka da waya aka buga, don kada a ƙara wa asalin littattafan wani zane da zai jawo sabuwar rigima. Mai fasbuk ya karanta kwanan wata da adadi da ƙarfi, mai leja ya nemo, idan sun dace kowa ya yi ɗan maki da fensir. Idan an kai ƙarshe, sai a juya: mai leja ya karanta, mai fasbuk ya nemo. Wannan zagaye na biyu mutane kan raina shi, su ce ai an riga an duba. Amma zagayen farko yana kama abin da ke fasbuk babu a leja ne kawai. Abin da ke leja babu a fasbuk, sai an karanto daga leja zai bayyana.

Da aka gama a wajen telar, layuka huɗu suka rage ba maki. Zubin Fabrairu na naira 15,000 yana fasbuk, babu shi a leja. A Afrilu fasbuk ya ce 32,000, leja ta ce 23,000. A Yuli leja ta nuna zubi biyu na 15,000, fasbuk ya nuna ɗaya. A Satumba fasbuk ya ce ta cire 10,000, leja ta ce 40,000. Abin lura a nan shi ne, na Fabrairu da na Yuli sun cinye juna, ɗaya ya rage 15,000, ɗaya ya ƙara 15,000. Da a ce su kaɗai ne kurakuran, jimillar littattafan biyu za ta yi daidai cif, kowa ya tafi gida da murna, alhali akwai ɓaraka biyu a ciki.

Yanzu an san inda littattafan suka saɓa, amma har yanzu ba a san wanda ke da gaskiya ba. Fasbuk da leja masu ƙara ne guda biyu, ɗaya ba zai zama alƙalin ɗaya ba. Ma'aji kan ce leja ce littafin ƙungiya, ita za a bi. Mamba kan ce ga sa hannunka a nawa. Dukansu suna da ɗan abin kamawa, kuma dukansu suna iya yin kuskure, domin an sha ganin mamban da ya ƙara wa kansa sifili a gida, kamar yadda aka sha ganin ma'ajin da ya rage. Kowane layi sai an nemo masa shaida ta uku, wadda aka rubuta daban: rasit da kwafinsa na kabon, baucar cire kuɗi, littafin shiga da fita, ko sitatimen ɗin banki.

Na Afrilu ya fi sauƙi, kuma ya fi daɗin bayani. A 2023 ƙaramar Sallah ta faɗo a watan Afrilu, ɗinki ya yi kasuwa, telar ta zuba fiye da yadda ta saba. Bambancin 32,000 da 23,000 shi ne 9,000. Masu aikin akanta suna da wata tsohuwar dabara: duk lokacin da aka juya lambobi biyu, aka rubuta 23 a maimakon 32, ko 54 a maimakon 45, bambancin yana rabuwa da tara ba tare da saura ba. Haka ma idan sifili ya faɗi ko ya ƙaru: 5,000 da aka rubuta 500 bambancinsu 4,500 ne, wato ɗari biyar sau tara. Dalilin ba sihiri ba ne. Lamba idan ta matsa daga gidan goma zuwa gidan ɗaya, darajarta ta ragu daga ninki goma zuwa ninki ɗaya, abin da ya ɓace ninki tara ne. Akwai ƙanwar wannan dabara: idan bambancin ya zama daidai ninki biyu na wani adadi da ke littafin, mai yiwuwa an rubuta zubi a layin cirewa, ko cirewa a layin zubi. Sai dai dabarun nan a kan layi guda suke aiki. Giɓin 39,000 na telar bai rabuwa da tara, domin kurakurai huɗu ne suka cakuɗe a cikinsa.

Dabarar tara tana nuna hanya ne, ba ta yanke hukunci. Rasit ke yankewa. An jawo littafin rasit na Afrilu: asalin da ke hannun telar ya ce 32,000, kwafin kabon da ya rage a littafin ya ce 32,000, littafin shiga da fita ma haka, kuma jimillar kuɗin da aka kai banki a makon ta haɗa da adadin duka. Ke nan kuɗi ya shiga asusun ƙungiya lafiya, hannun mai kwafewa zuwa leja ne ya zame. Ba wanda ya ci ko kwabo. Da a ce asalin rasit ya ce 32,000 amma kabon ya ce 23,000, to maganar ta sauya gaba ɗaya. Kabon ba ya ƙirƙirar lamba, abin da biro ya danna a sama shi yake fitowa a ƙasa. Idan suka saɓa, an rubuta su ne daban-daban: an zare kabon ko an sa kwali a tsakani aka rubuta na mamba, daga baya aka cike kwafin da ƙaramin adadi. Wannan ba ya faruwa da mantuwa.

Na Yuli shi ne wanda telar ta so a bar mata, har ta fara tunanin ko ta aiki yaro da kuɗi ba tare da littafi ba. Hakan na faruwa sosai, kuma shi ne dalilin da ya fi yawa na samun zubi a leja babu a fasbuk. Amma kwafin rasit na zubin biyu ya nuna wani abu daban. Sunan farko iri ɗaya ne da nata, lambar mamba kuwa 141 ce, ita kuma tata 114. Kuɗin wata takwararta ne aka ɗora a shafinta. A ƙungiyar da rabin mata sunayensu ba su wuce goma ba, kuma da yawa adadi ɗaya suke zubawa, wannan kuskure ruwan dare ne. Abin da ke sa ya daɗe a ɓoye shi ne, ba ya taɓa jimillar kuɗin ƙungiya ko kaɗan. Kuɗi ya shigo, an rubuta shi, banki ya tabbatar, shafin da aka ɗora shi ne kawai ba daidai ba. Odita mai duba jimilla zai wuce ta kansa bai gani ba.

Fabrairu kuwa kowa ya san abin da ya faru a cikinsa. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da mutane suka riƙa kwana a layin banki. Telar ba ta da tsaba, sai ma'aji ya ce ta tura ta asusunsa, zai mayar wa ƙungiya. Ta yi tiransifa, bayan kwana biyu suka haɗu a kasuwa ya sa mata hannu a fasbuk a tsaye. Ba a yanka rasit ba. Tunda leja daga rasit da littafin shiga da fita ake cike ta, kuɗin da bai bi ta nan ba ba shi da hanyar isa shafinta. Shaidarta a nan tana da ƙarfi: alat a waya, sitatimen ɗin bankinta mai nuna rana da sunan wanda ya karɓa, da sa hannunsa a fasbuk. Cewa ta biya, babu gardama.

Tambayar da ta rage ita ce ko kuɗin ya isa asusun ƙungiya, kuma sitatimen ɗin ƙungiya ne zai amsa. Idan an ga ya shiga a dunƙule tare da na wasu, sai a ce sakaci ne wajen rubutu. Idan bai shiga ba, ma'aji na riƙe da naira 15,000 na ƙungiya, ko da mantuwa ko da gangan, kuma daga layi guda ba za a iya bambancewa ba. Abin da ke bambancewa shi ne a kira sauran mambobin da suka tura kuɗi ta wannan hanya a Fabrairu da Maris. Mutum ɗaya da aka manta a cikin wancan ruɗani, ana iya yi wa ma'aji uzuri. Mutum goma sha biyu, uzuri ya ƙare. Ƙungiyoyi da yawa sun ci gaba da wannan al'ada ta turawa asusun mutum bayan tsaba ta dawo, don sauƙi, kuma a ganin mai wannan rubutu babu ƙofar da ta fi wannan faɗi wajen salwantar ajiyar mutane a yau.

Sai na Satumba, wanda ya fi kowanne nauyi, kuma a nan ne ake buƙatar asalin takarda, ba fotokwafi ba. Telar ta ce ta ciri 10,000 don kuɗin makarantar yara. Leja ta ce 40,000. Lamba 1 ita ce ta fi kowace saurin zama wani abu: a ƙara mata layi biyu ta zama 4, a ɗora mata hula ta zama 7. Lamba 3 tana zama 8 idan an rufe mata baki, 0 kuma tana zama 6 ko 9 idan an yi mata wutsiya. Ana gane irin wannan gyara ta hanyoyin da ba sa buƙatar na'ura. A ɗaga shafin a hasken rana, a duba ko tawadar tsayayyen layin ta yi daidai da ta sauran sassan lambar, domin biro biyu masu shuɗi ba safai shuɗinsu ke zama ɗaya ba. A shafa bayan takardar da yatsa, a ji ko wani sashe ya fi nutsewa. A kwatanta da sauran lambobin 4 da wannan hannu ya rubuta a shafin: mutum yana da yadda yake zana huɗunsa, wadda aka gina a kan 1 kuwa takan fito a takure, ta matse lambar da ke kusa da ita.

Amma shaidar da ta fi duk waɗannan ita ce layin ragowa. Wanda ya gyara adadi dole ya gyara ragowar da ke gabansa, da duk ragowar da ta biyo baya har ƙasan shafi. Idan bai gyara ba, lissafi zai tona shi: a cire 40,000 daga ragowar Agusta, a ga amsar ba ta yi daidai da abin da ke rubuce ba, a cire 10,000 a ga ta yi. Idan kuma ya gyara, za a ga jerin lambobi da aka bi ta kansu, ko farin ruwan nan na shafe rubutu, ko ragowar watanni huɗu da aka rubuta da biro ɗaya, da hannu ɗaya a natse, kamar a zama ɗaya aka yi su. Littafin da ake cikewa wata-wata ba ya yin wannan kyau. Biro na sauyawa, hannu na sauyawa, wata rana a gaggauce, wata rana a tsanake.

Daga nan sai baucar da telar ta sa wa hannu ranar da ta karɓi kuɗin. A gurbin lambobi an ga 40,000, a gurbin kalmomi kuwa har yanzu dubu goma ce a rubuce. Wannan ne amfanin rubuta adadi da kalmomi, abin da mutane ke ganin ɓata lokaci ne: sauya 1 zuwa 4 aikin daƙiƙa biyu ne, sauya goma zuwa arba'in sai an kankare. Littafin shiga da fita ya nuna 40,000 ta fita a ranar. Ke nan naira 30,000 ta bar akwatin ƙungiya da sunan telar, ba ta shiga hannunta ba. Takarda ta kai nan ta tsaya. Ba ta faɗi wanda ya ɗauka ba. Wannan sai an tambayi waye ya biya kuɗin, waye ke riƙe da mabuɗin durowar da bauca ke ciki, waye ke cike leja. Inda mutum ɗaya ke yin duka ukun, tambayar ba ta da tsawo.

Yanzu sai a haɗa lissafi a gani ko ya rufe. A ɗauki 328,000 na leja, a ƙara 15,000 na Fabrairu, a ƙara 9,000 na Afrilu, a mayar da 30,000 na Satumba, a cire 15,000 na Yuli da ba nata ba. Amsa 367,000, daidai da fasbuk. Da ya rage ko da naira ɗari biyar, aiki bai ƙare ba, sai a koma a sake tara layin ragowa na kowane littafi da kalkuleta, domin kuskuren tarawa ba ya fitowa a wajen yin maki.

Akwai wata cuta da wannan misali bai nuna ba, kuma adadi ba ya kama ta, sai kwanan wata. Mai karɓar kuɗi ya ci zubin wani a yau, mako mai zuwa ya toshe ramin da zubin wani, na wancan kuma ya toshe da na gaba. Kowane adadi yana isa leja daidai, sai dai a makare. Idan fasbuk ya ce 5 ga wata, leja ta ce 7, wannan jinkirin aiki ne. Idan tazarar ta tashi daga kwana biyu a Janairu zuwa mako uku a Yuni, zuwa wata biyu a Nuwamba, ramin ne ke faɗaɗa. Shi ya sa wajen yin maki ba adadi kaɗai ake karantawa ba.

A ƙungiyoyin ma'aikata, na malaman makaranta ko na asibiti, inda ake cire zubi daga albashi, shaida ta uku ta bambanta. Takardar albashin mamba tana nuna abin da aka cire masa, jadawalin da ofishin albashi ke aika wa ƙungiya yana nuna kason kowa, sitatimen kuma yana nuna ko an turo kuɗin. Ba baƙon abu ba ne a cire wa ma'aikaci amma kuɗin ya daɗe bai iso ba, kuma a irin wannan laifin ba na ma'ajin ƙungiya ba ne. Inda aka mayar da leja cikin kwamfuta, a manhaja irin Excel, babu tawada balle kankara, lamba na sauyawa ba tabo. Maganin da ya rage shi ne a riƙa buga shafukan a takarda duk ƙarshen wata, mutum biyu su sa hannu, a adana, don a sami abin da za a kwatanta da shi gobe.

Wannan aiki yana da iyaka, kuma gara a san ta. Ƙarfinsa duka ya dogara ne ga cewa fasbuk yana kwana a hannun mamba. Ƙungiyar da ake cewa a bar littattafai a ofis za a cike su, an mayar da shaidu biyu sun zama ɗaya, domin hannun da zai gyara leja shi zai gyara fasbuk. Haka kuma littattafan biyu suna iya dacewa layi-layi alhali asusun banki ba kowa. Wannan sai an tara ragowar dukkan mambobi, a kwatanta da jimillar ajiya da ke cikin rahoton shekara, sannan a nemi inda kuɗin yake: nawa ke banki, nawa ke hannu, nawa ke wajen masu rance. Aikin kwamitin sa ido ne da odita, kuma odita na ƙwarai yakan sa a tattaro fasbuk na mambobi, ko wani kaso daga ciki, ya kwatanta da kansa. Shafukan da suka fi buƙatar ido su ne na waɗanda ba za su zo su yi gardama ba: wanda aka yi wa canjin wurin aiki, tsohuwar da ta daina fita, mamacin da magadansa ba su ma san yana da ajiya ba.

Idan an gano kuskure, ba a kankarewa, ba a shafa fari, ba a yaga shafi. Ana barin tsohon layin yadda yake, a buɗe sabo da kwanan watan ranar gyara, a rubuta dalili da lambar rasit ɗin da aka dogara da shi, ma'aji da sakatare su sa hannu, mamba ya gani. Na Afrilu da na Yuli a nan suke ƙarewa. Na Fabrairu da na Satumba kuwa sai mamba ya rubuta wa kwamitin gudanarwa takarda, ya haɗa da kwafin shaidunsa, ya riƙe asalinsu a gida, kada ya miƙa wa kowa. Idan kwamiti ya yi ta jan ƙafa, ƙungiyar da ke da rajista tana ƙarƙashin ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiharta, wanda doka ta ba ikon bincika littattafai da sasanta rikici tsakanin mamba da ƙungiya. Inda aka tabbatar an gyara takarda don cin kuɗi, maganar ta zama ta 'yan sanda da kotu.

A misalin telar, akwai mutum guda da bai san ana yi ba. Mai lamba 141 tana can shagonta da fasbuk mai nuna ta biya zubin Yuli, shafinta a leja kuma babu shi tun wata shida. Sai an aika mata ta kawo littafinta, a buɗe shafuka biyu a jere, a cire naira 15,000 daga na 114 a ɗora a na 141 a rana ɗaya, da lambar rasit ɗaya a gefen kowanne.